Yadda Ake Rubuta Tallar Sabon Tiren Gashi Mai Rangwamen Rana

Masu gidajen cin abinci da dama sun yi ta turo min tambaya iri ɗaya: mun fito da sabon tire na gasasshen nama, muna so mu yi rangwame da rana na 'yan kwanaki, me za mu rubuta a ƙasan hoton da za mu sa a Instagram ko Facebook? Wasu har kwafin nasu suke turowa in duba. Abin da nake yawan gani shi ne layi shida na yabon ɗanɗano, zanen wuta na emoji guda goma, amma babu farashi, babu lokaci, babu ranar da rangwamen zai ƙare. Shi kuwa wannan ɗan rubutun alƙawari ne, kuma mai gashi da mai karɓar kuɗi ne za su cika shi da tsakar rana, lokacin da mutane ke tsaye da yunwa. Don haka rubutun ba shi ne farkon aikin ba. Ga yadda nake bi, da misali guda ɗaya da za mu ja tun daga farko har ƙarshe: gidan abinci a Kano, tire na mutum biyu, rangwame na kwana huɗu. Kuɗaɗen da zan ambata na misali ne, kowa ya sa na kasuwarsa.

1. Fara da lissafi, ajiye wayar tukuna

Ɗauki biro da takarda ka zauna da mai gashinka, ku rubuta duk abin da ke shiga tire ɗaya da kuɗinsa. Mu ɗauka tiren namu ya ƙunshi rabin kilo na naman sa a ₦3,500, da rabin kaza a ₦3,500. Gurasa, albasa, tumatir, kabeji da yaji sun ci ₦1,200. Gawayi da man shafawa ₦600, mazubi da leda ₦500. Jimla ₦9,300. Ka tsayar da cewa farashinsa na kullum zai zama ₦15,000, wato kowane tire yana bar maka ₦5,700 kafin ka cire albashi, haya da man janareto.

Nan ne mutane ke faɗawa rami. Kashi 20 cikin 100 yana da daɗin faɗa, shi ya sa kowa ke son rubuta shi. To amma kashi 20 na ₦15,000 shi ne ₦3,000, kuma ba daga kuɗin nama za a cire shi ba, daga naka rabon ne. Mahauci ba zai rage maka ko sisi don kana rangwame ba. Abin da zai saura maka ₦2,700 ne a maimakon ₦5,700. Mai saye ya ga an rage masa kashi ɗaya cikin biyar, kai kuwa fiye da rabin ribarka ce ta tafi. Sai ka sayar da tire biyu da ɗoriya kafin ka sami abin da tire ɗaya zai ba ka a cikakken farashi.

A misalinmu za mu tsaya a ragin ₦2,000. Tire ya koma ₦13,000, kana da ₦3,700 a kowanne. Wannan ragi ne da mai saye zai ji a aljihunsa, kai ma ba ka yanka kanka ba.

Gargaɗi: kada ka yi wannan lissafi da farashin naman watan jiya. Ka buga wa mahaucinka da mai kajinka waya a ranar, ka kuma tambaye su ko za su riƙe maka wannan farashin har kwanakin rangwamen su ƙare. Da zarar farashi ya fita a rubuce, ba ka da damar ƙarawa a tsakiya.

2. Tambayi mai gashi nawa zai iya

Wannan mataki gajere ne amma kada a tsallake shi. Naman tsire yana gasuwa da sauri, rabin kaza kuwa a kan gawayi tana cin fiye da rabin awa kafin ta nuna har cikin ƙashi. Ka ce masa, “Malam, tsakanin sha biyu da uku, tire nawa za ka iya fitarwa ba tare da an jira fiye da minti ashirin ba?” Idan ya ce talatin, ka rubuta ashirin. Masu gashi mutane ne masu zuciya, ba sa son cewa ba za su iya ba a gaban mai gida.

Tire 20 a rana, kwana huɗu, tire 80 ke nan. Ragin ₦2,000 sau 80 ya kama ₦160,000. Wannan shi ne ainihin kuɗin tallarka, ba kuɗin data ko na mai hoto ba. Idan ka ga adadin ya yi maka nauyi, yanzu ne lokacin rage kwanaki ko rage ragin, kafin kowa ya gani.

3. Tsayar da sharuɗɗa kafin ka tsara jimla ko ɗaya

Akwai tambayoyin da dole wani ya yi a gaban kanta, kuma idan ba ka amsa su a rubuce ba, yarinyar ko yaron da ke karɓar kuɗi ne zai sha faɗan. Ka amsa su yanzu.

Na farko kwanaki. “Wannan makon” ba kwanan wata ba ne, domin wani zai ga hoton bayan sati biyu ya ɗauka makon da yake ciki ake nufi. Ka sa sunan rana da lambarta da wata: Litinin 6 zuwa Alhamis 9 ga Oktoba. Ni nakan cire Juma'a daga rangwamen rana, saboda tsakiyar lokacin ne ake tafiya masallaci, ma'aikatanka ma za su tafi, sannan a sauko gaba ɗaya a cika maka wuri cikin rabin awa. In kuwa kana son Juma'a, ka ba ta nata lokacin daban, bayan an sauko. Ka kuma tuna cewa akwai masu azumin Litinin da Alhamis, don haka kada ka yi mamaki idan Talata da Laraba sun fi cika. Farkon wata ya fi tsakiyarsa, lokacin albashi bai gama narkewa ba.

Na biyu awanni. Ƙarfe 12 zuwa 3 na rana. To wanda ya shigo uku saura minti biyar, aka kawo masa abinci uku da kwata fa? Ka yanke hukunci: lokacin da aka karɓi oda shi ne abin dubawa, ba lokacin biyan kuɗi ba. Ka faɗa wa ma'aikata haka, su daina duba agogo suna gardama da mutane.

Na uku, a ina za a ci? A zauna a ci a nan kawai, ko har da wanda zai tafi da shi, ko har da kaiwa gida da ofis? Idan akwai kaiwa, wa zai biya mai babur? Na taɓa rubuta wa wani gidan abinci talla na manta da wannan layin. Wata Hajiya ta yi odar tire uku zuwa ofishinsu, da mai babur ya nemi kuɗinsa sai ta buɗe hoton ta nuna masa: “Ɗana, nuna min inda aka ce zan biya kuɗin kawowa.” Babu wurin. Mai gidan ne ya biya, kuma haka ya yi ta biya har kwanakin suka ƙare. Laifina ne, ba nata ba.

Na huɗu, tire nawa mutum ɗaya zai iya ɗauka? Idan ba ka sa iyaka ba, mai walima ɗaya zai kwashe ashirin ɗin tun sha biyu da minti goma, sauran mutane su zo su tarar da wayam. Tire biyu ga kowane mutum ya isa.

Gargaɗi kan haraji: idan gidanka yana ɗora harajin VAT a rasit, wanda a Najeriya kashi 7.5 cikin 100 ne tun shekarar 2020, to tiren ₦13,000 zai koma ₦13,975 a wurin biya. Mutumin da ya karanta dubu goma sha uku ya zo da dubu goma sha uku. Ko dai ka rubuta farashin da ya haɗa komai, ko ka faɗa a fili cewa ban da haraji. Na farkon ya fi kwanciyar hankali. Haka ma kuɗin mazubi, in kana karɓa.

4. Rubuta abin da ke cikin tiren da ƙirge

“Nama iri-iri” ba bayani ba ne. Bahaushe ya san bambancin tsire da balangu, ya san gashin tukunya daban, na kan waya daban, kuma yana so ya san wanne zai samu. Ka kira kowane abu da sunansa da adadinsa: tsinken tsire shida, rabin kaza, gurasa biyu, albasa da tumatir da kabeji, yajin ƙuli a gefe. Ka faɗi ko naman sa ne ko na rago. Idan akwai kayan ciki, hanta ko ƙoda, ka ambata, don akwai masu nemansu ido rufe, akwai kuma waɗanda ba sa ci sam.

Gargaɗi kan awo: kada ka rubuta “rabin kilo na nama” idan ɗanyen ka auna. Nama yana raguwa a wuta, ruwa da kitse suna fita, rabin kilo ɗanye yakan dawo wajen giram 350 zuwa 375 bayan gashi. Wanda ya san rabin kilo a ido zai ga an tauye shi. Ƙirgen tsinke ya fi aminci, domin mai saye zai iya ƙirgawa da kansa, mai gashi ma ba zai yi kuskure ba.

Sannan ka yi gaskiya a kan adadin masu ci. In tiren na mutum biyu ne, kada ka ce na uku don ya yi kama da araha. Maza uku majiya ƙarfi za su zauna, su tashi ba su ƙoshi ba, kuma labarin da za su kai ofis ke nan. Wani ƙaramin abu kuma: yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, wato gyaɗa. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, musamman idan kana da baƙi da ba su san haɗin yajinmu ba. Kalma uku, “yajin akwai gyaɗa”, sun wadatar.

5. Hoton ya dace da rubutun

Ba zan daɗe a nan ba. Ka sa a haɗa tire ɗaya daidai yadda za a sayar, da tsinke shidan nan ba takwas ba, a ɗauke shi da rana kusa da taga, nama na fitowa daga wuta kafin mai ya daskare a kansa. A goge gilashin kyamarar waya, don hayaƙin wurin gashi yana sa shi dishi-dishi. Kada a ɗauko hoton wani daga intanet, kuma kada a ajiye kwalbar lemo a gefen tiren idan ba ta cikin farashin. Duk abin da ya shiga hoto, mai saye ya ƙirga shi cikin kuɗinsa.

6. Layin farko

A nan aikin rubutun yake. Instagram yana barin ka rubuta har haruffa 2,200 a ƙasan hoto, amma abin da mutum ke gani kafin rubutun ya yanke, a nuna masa “more”, bai wuce haruffa 125 ba, wani lokacin ma bai kai ba. Facebook ma yana yanke dogon rubutu ya sa “See more”. Yawancin mutane ba sa dannawa. Ma'aikacin da ke duba waya ƙarfe sha ɗaya da rabi, cikinsa ya fara kira, layi ɗaya zai ba ka. To a wannan layin dole abu uku su shiga: mene ne, nawa ne, yaushe ne.

Dubi irin wanda aka fi turo min:

“Assalamu alaikum masoyanmu na kusa da na nesa! Muna farin cikin sanar da ku cewa bayan dogon shiri, mun zo muku da wani sabon abu mai daɗi da ba ku taɓa ɗanɗana irinsa ba…”

Sallama abu ne mai kyau, ba na ce a daina ba. Amma an cinye duk gurbin da ake gani ba a ambaci nama ba. Mai karatu bai san ko shinkafa ce ko kek ba. Ga wanda zan sa a madadinsa:

“Sabon tiren gashi na mutum 2: ₦13,000 kacal, Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 12 zuwa 3 na rana.”

Wannan bai kai haruffa 100 ba, kuma ko mutum bai danna komai ba ya san ko da shi ake. Gaisuwa da barkwanci su biyo baya a layi na biyu.

Ka lura naira na rubuta, ba kashi cikin ɗari ba. Ragin ₦2,000 daga ₦15,000 kashi 13 ne da 'yan kai, wanda ba ya burge kowa a ido, kuma yana sa mutum lissafi. “Ragin ₦2,000” kuwa kowa ya san abin da zai saya da shi. Ka rubuta kuɗin cikakke da waƙafinsa, ₦13,000, don ya fito daidai da abin da zai gani a rasit.

Gargaɗi mai muhimmanci: tiren sabo ne, ba a taɓa sayar da shi ba. Saboda haka kada ka rubuta “da ₦15,000, yanzu ₦13,000”. Babu wani “da”. Abokan cinikinka na kullum sun san jiya babu wannan tiren, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta hana yaudara a kan farashi. Abin da za ka rubuta shi ne gaskiyar lamarin: “daga ranar Juma'a zai koma ₦15,000”. Wannan ma ya fi sa mutum gaggawa. Sai dai in ka faɗa, to ranar Juma'a ya koma ɗin.

7. Sauran jikin rubutun

Bayan layin farko, tsarin da nake bi shi ne: jimla ɗaya ko biyu masu tayar da kwaɗayi, sai abin da ke cikin tiren, sai sharuɗɗa, sai yadda za a yi oda, sai inda kuke. Wajen tayar da kwaɗayin, kalmomi irin su “daɗi ba a magana” da “sai wanda ya ci” sun gaji, kowane mai talla ya yi amfani da su. Ka faɗi wani abu da ke faruwa a wurin gashinka da gaske. Idan kuna jiƙa kazar cikin kayan ƙamshi tun dare, ka faɗa. Idan gurasar a kan wutar ake ɗumama ta har ta sha man naman, ka faɗa. Idan ba ku yi, kada ka ara.

Ga cikakken misalinmu:

“Sabon tiren gashi na mutum 2: ₦13,000 kacal, Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 12 zuwa 3 na rana.

Salamu alaikum mutanen Kano. A kan gawayi muke gasawa, daga wuta sai gabanku, gurasar ma a kan wutar take shan mai.

A cikin tiren: tsinken tsiren sa 6, rabin kaza, gurasa 2, albasa, tumatir da kabeji, da yaji a gefe (yajin akwai gyaɗa).

Rangwamen daga Litinin 6 zuwa Alhamis 9 ga Oktoba ne. Daga Juma'a tiren zai koma ₦15,000. Tire 20 muke yi a rana, mutum ɗaya ba ya wuce 2. Farashin ya haɗa da haraji da mazubi. A ci a nan ko a tafi da shi. Muna kaiwa cikin gari, kuɗin mai babur daban.

Don a ajiye muku, ku turo saƙon WhatsApp ta lambar da ke ƙasa kafin ƙarfe 11.”

A ƙarƙashinsa sai lambar waya, da adireshi mai kwatance. A garuruwanmu lambar gida ba ta kai mutum ko'ina, don haka ka sa sunan titi da wata alama da kowa ya sani, kamar gidan mai ko shataletalen da ke kusa.

Ka duba abin da babu a ciki. Babu “a turo saƙo don jin farashi”. Wannan ɗabi'a ta ɓoye farashi tana iya yin aiki ga mai sayar da leshi, amma ba ga abincin rana ba. Wanda ke da hutun awa ɗaya ba zai jira amsarka ba, kuma rangwamen da ba a faɗi kuɗinsa ba ai ba rangwame ba ne. Sannan hanyar oda ɗaya ce tak. In ka ce a kira, ko a turo saƙo a Instagram, ko a WhatsApp, ko a yi sharhi a ƙasa, to oda za ta watse wuri huɗu, kuma da ƙarfe ɗaya na rana babu mai hannun duba su duka.

Game da harshe: idan unguwarka ta ma'aikatan banki da ofisoshi ce da ba duka ke jin Hausa ba, ka sa fassarar Turanci a ƙasa, gajeriya, bayan ta Hausa ta ƙare. Kada ka cakuɗa su cikin jimla ɗaya. Ka kuma tabbata lambobin sun zo ɗaya a duka biyun, don na sha ganin an gyara farashi a sama an manta na ƙasa. Zanen fuska da na wuta, biyu ko uku sun isa. Alamar # kuwa, 'yan kaɗan masu sunan garinka da irin abincin, a can ƙarshe.

8. Hanyar oda

Adireshin intanet da aka liƙa cikin rubutun ƙasan hoto a Instagram ba ya dannuwa. Wurinsa shi ne shafin bayaninka na sama, sai ka ce a duba can. A Facebook da WhatsApp kuwa yana dannuwa. Ga yadda ake haɗa wanda zai buɗe hira da kai kai tsaye, da saƙo a rubuce:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Ina%20son%20tiren%20gashi
```

A wurin X ɗin ka sa lambarka, amma ka cire sifirin farko, kuma kada ka sa alamar +. Masu Nijar su sa 227 a madadin 234. Ka gwada shi da wayar wani kafin ka saki, domin lamba ɗaya ta kuskure, odarka ta tafi wurin baƙo.

Idan kana amfani da WhatsApp Business, ka ajiye amsa ɗaya a “Quick replies” mai ɗauke da farashi, lambar asusu da tambayar “za a zo ɗauka ne ko a kawo?”. Ka ɗora wa mutum ɗaya alhakin wayar daga ƙarfe goma zuwa uku, wanda ba shi ne mai karɓar kuɗi ba. Kuma kada a ɗora kaza a wuta don hoton rasit da aka turo, sai an ga kuɗin sun shiga asusu.

9. Karanta wa ma'aikata kafin duniya ta gani

Ka tara mai gashi, mai karɓar kuɗi da masu kai abinci tebur, ka karanta musu rubutun da ƙarfi. Minti biyar ne. A nan ne mai gashi zai ce, “Ranka ya daɗe, ai tsinke biyar muka ce,” ko mai kanta ta ce injin rasit har yanzu ₦15,000 yake fitarwa. Karantawa da baki kuma tana tona jimlar da ta yi tsawo. Ka duba ƙ da ɗ da ɓ, ka duba ranakun da kalanda a hannu, don Litinin 6 ta zama Litinin 6 da gaske. Daga nan ka buga kwafi ɗaya a takarda a manna a kanta, yadda duk wanda ya zo da gardama za a nuna masa abin da shi ma ya karanta.

10. Lokacin saki

Ka saki babban rubutun ranar Lahadi da daddare, bayan isha'i, lokacin da mutane ke kwance da waya suna tsara gobe. Sannan kowace rana cikin huɗun, wajen ƙarfe goma da rabi zuwa sha ɗaya, ka sa tunatarwa a “Status” na WhatsApp da “Story” na Instagram, waɗanda dukansu ke ɓacewa bayan awa 24. Tunatarwar ba dogon rubutun ba ce, layin farkon nan ne kawai da lambar waya. Sakin talla ƙarfe ɗaya na rana ɓata lokaci ne, kowa ya riga ya yanke inda zai ci.

Idan za ka tura ta “Broadcast” a WhatsApp, ka sani waɗanda suka ajiye lambarka a wayarsu ne kawai za su samu. Idan kuma za ka biya kuɗi a tura hoton gaba, ka taƙaita shi ga unguwannin da mutum zai iya zuwa ya koma cikin hutun rana, ka kuma sa tallar ta tsaya ranar Alhamis da rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ta tana yawo har Asabar, kana biyan kuɗi ana kawo maka mutanen da za su yi fushi.

Ranar da tire ashirin suka ƙare da wuri, ka sa sanarwa nan take: “Na yau sun ƙare, mun gode. Gobe ƙarfe 12 in sha Allah.” Wannan ya hana wani tahowa a banza, kuma duk wanda ya gani ya san gobe sai ya yi sammako. Amma kada ka rubuta “saura uku” alhali goma na nan. Wanda ya zo ya ga tire jere, ya daina yarda da kai.

11. Rufewa

Alhamis ƙarfe uku, ka koma kan ainihin hoton ka danna “Edit”, ka sa a farkon layi: “Rangwamen ya ƙare. Tiren yana nan a ₦15,000.” Kada ka goge hoton, don sharhin waɗanda suka ci suka yaba yana ƙarƙashinsa, kuma shi zai sayar maka da tiren a cikakken farashi. A cire takardar kanta, a mayar da farashi a injin rasit.

Za a roƙe ka ka ƙara kwana, musamman in an yi ciniki. Ni ban ba da shawarar haka ba, domin ka rubuta cewa Juma'a zai koma ₦15,000, kuma waɗanda suka yi sauri saboda wannan maganar suna kallo. Abin da ya fi amfani shi ne ka ɗauko littafin oda ka ƙirga: tire nawa aka sayar kowace rana, ƙarfe nawa suka ƙare, nawa aka ci a nan, nawa aka kai. Sai ka ci gaba da ƙirga na mako biyu masu zuwa a farashin ₦15,000. Kowane tire a cikakken farashi yana bar maka ₦5,700, don haka tire 29 ne za su mayar maka da ₦160,000 ɗin da ka sadaukar. Idan ka sayar da su cikin mako biyun, kwana huɗun sun biya kansu. Idan kuwa ciniki ya mutu murus ranar da ragin ya ƙare, to ba rubutun ne matsalar ba: ₦15,000 ta yi wa unguwar yawa a abincin rana, sai ka koma mataki na farko da mai gashinka ku fitar da ƙaramin tire na mutum ɗaya.